A Sassauta Harshe, Kada a Taɓa Alƙawari

Da wuya ka samu ɗan kasuwa, ko mai gidan haya, ko shugaban makaranta, wanda bai taɓa rubuta saƙo rai a ɓace ba, sannan ya miƙa wa ɗansa ko akawunsa ya ce, "Duba min wannan, ka sassauta shi kafin a tura." Wannan ɗabi'a ce mai kyau, domin magana zarar bunu ce, kuma hulɗar shekara ashirin tana iya rushewa a kan layi uku da aka rubuta da zafin zuciya. Sai dai akwai wata asara da ke biyo bayan gyaran, wadda ba a cika lura da ita ba sai ranar biya ta zo. Saƙo yakan fito da daɗin ji, cike da gaisuwa da addu'a, amma ranar da aka yanke ta gusa, kuɗin ya zama "kimanin kaza", sharaɗin da aka gindaya kuwa ya ɓace.

Mai gyara ba mugunta yake yi ba. Abin da ke faruwa shi ne, kalmomin da muke tausasa magana da su, su ne kuma kalmomin da ke kwance alƙawari. "In da hali", "nan ba da jimawa ba", "ɗan abin da ya rage", "za mu duba": kowace a cikinsu tana sanyaya rai, kuma kowace tana cire wani abu daga nauyin maganar. Shi ya sa karanta saƙon da aka gyara, ko sau goma ne, ba ya isa. Kunne yana jin daɗinsa, ido yana wucewa. Abin da ke kama kuskuren shi ne a fitar da ƙashin bayan saƙon tun kafin a taɓa shi, a ajiye a gefe, sannan a gwada sabon rubutun da shi ɗaya bayan ɗaya.

Saƙo ɗaya, fuska biyu

Bari mu ɗauki misali irin wanda ake gani kullum a kasuwar Kantin Kwari da ke Kano. Wani dila ya ba wata 'yar kasuwa a Gusau atamfa turmi 40 a kan Naira 18,500 kowane turmi, jimla Naira 740,000. Ta biya Naira 300,000, saura Naira 440,000. Lokaci ya ja, kuɗi bai shigo ba. Ranar Litinin, 5 ga Mayu, 2025, sai ya zauna ya rubuta mata:

"Hajiya, na gaji da jira. Saura Naira 440,000 a kanki. Ki biya Naira 240,000 ranar Alhamis 15 ga Mayu ko kafin nan, ragowar Naira 200,000 kuma ranar Litinin 30 ga Yuni ko kafin nan. Idan kin cika duka biyun a kan lokaci, zan yafe miki Naira 20,000 daga biyan ƙarshe. Idan 15 ga Mayu ta wuce ban ga kuɗi ba, ba zan sake tura miki kaya ba. Kuɗin mota na kayan da suka gabata ke za ki biya direba, ba ni ba."

Ya karanta ya ga abin ya yi tsauri ga mutuniyar da suka daɗe suna ciniki, sai ya ba ɗansa da ke tsaron shago ya gyara. Ga abin da yaron ya fitar:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da war haka. Ya kasuwa, ya iyali? Allah ya ƙara buɗi. Dama tuni ne a kan ɗan ragowar nan namu, dubu ɗari huɗu da 'yan kai. In da hali, a taimaka mana da rabi zuwa tsakiyar wata, sauran kuma bayan Sallah in Allah ya kai mu. Za mu rage miki dubu ashirin saboda zumunci. Maganar kuɗin mota kuma za mu daidaita. Sabbin kaya sun iso, da mun ji daga gare ki za mu turo. Allah ya bar zumunci."

Duk wanda ya karanta na biyun zai ce yaro ya iya magana, kuma lallai ya iya. Amma a tsaya a lissafa abin da ya salwanta. Naira 440,000 ta zama "dubu ɗari huɗu da 'yan kai", wanda zai iya zama 410,000 a lissafin Hajiya. Biyan farko na 240,000 ya koma "rabi", rabin 440,000 kuwa 220,000 ne, an samu giɓin dubu ashirin tun a nan. Ranar Alhamis 15 ga Mayu ta zama "tsakiyar wata", kuma an rataya ta a kan "in da hali". Ranar 30 ga Yuni ta zama "bayan Sallah", lokacin da yake da farko amma ba shi da ƙarshe. Rangwamen da aka ɗaure da sharaɗin biya a kan lokaci ya zama kyauta. Kuɗin mota da aka ce nata ne ya zama abin tattaunawa. Gargaɗin dakatar da kaya ya ɓace, a gurbinsa ma an shigo da sabon alƙawari wanda mai shago bai taɓa yi ba, cewa da zarar ta yi magana za a tura mata kaya.

Abubuwa bakwai ke nan suka sauya a saƙon da bai kai layi goma ba, kuma babu guda ɗaya da aka sauya da gangan. Idan rigima ta tashi a watan Yuli, Hajiya za ta buɗe wayarta ta nuna saƙon, kuma gaskiya tana gefenta, domin abin da aka tura mata ke nan.

Fitar da ƙashin baya kafin a fara gyara

Matakin farko ana yin sa ne kafin a sauya ko da kalma ɗaya. A ɗauki takarda a fitar da duk abin da ba a yarda ya motsa ba, kowane a layinsa, babu ado babu gaisuwa. Tambayoyi biyar sun wadatar a yawancin saƙonni: wane ne zai yi, me zai yi, nawa ne, yaushe, kuma bisa wane sharaɗi ko me zai biyo baya idan bai yi ba. A saƙon dilan nan, takardar za ta kasance haka:

1. Bashin da ya rage: Naira 440,000.
2. Hajiya za ta biya Naira 240,000, ranar Alhamis 15 ga Mayu, 2025 ko kafin nan.
3. Hajiya za ta biya Naira 200,000, ranar Litinin 30 ga Yuni, 2025 ko kafin nan.
4. Dila zai yafe Naira 20,000 daga biyan ƙarshe, idan an cika 2 da 3 a kan lokaci.
5. Dila zai daina tura kaya idan ba a cika 2 ba.
6. Kuɗin mota na kayan baya: Hajiya ce za ta biya direba.

Dalilin yin wannan tun da farko shi ne, idan mutum ya riga ya karanta sabon rubutun, ƙwaƙwalwarsa takan cike giɓin da kanta. Ya san ranar 15 ce, don haka idan ya ga "tsakiyar wata" sai ya ji kamar ya ga 15. Wanda aka tura wa kuwa bai san abin da ke cikin kan mai rubutu ba, abin da ke kan allon wayarsa kaɗai yake da shi.

Bayan an gama gyara, sai a yi gwaji ta fuska biyu. Da farko a bi jerin daga 1 zuwa 6, a nemo kowane a cikin sabon saƙon, a ɗora yatsa a kansa, a sa alama. Wannan yana kama abin da ya ɓace da abin da ya sauya. Sannan a juya: a bi sabon saƙon jimla bayan jimla ana tambaya, wannan jimlar ta ɗora wa wani nauyi ko ta sauke masa? Idan eh, tana cikin jerin? Wannan zagaye na biyu shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi kaɗai ke kama abin da aka ƙara. Maganar tura sabbin kaya ba za ta taɓa bayyana a zagayen farko ba, tunda babu layinta a jerin. Aikin ya yi kama da juye hatsi daga wani buhu zuwa wani: ba kyawun sabon buhun ake dubawa ba, mudu ake ƙirgawa, sannan a tabbatar ba a haɗa da tsakuwa ba.

Inda rana take zamewa

Rana tana gusawa ta hanyoyi kaɗan da suke maimaita kansu. Ta farko ita ce mayar da tsayayyar rana zuwa rana mai tafiya. "15 ga Mayu" tana nan daram ko yaushe aka karanta. "Gobe", "jibi", "rana ita yau", "mako mai zuwa" kuwa sun dogara ne da ranar da aka tura, wani lokaci ma da ranar da aka buɗe saƙon. Idan an rubuta "jibi" ranar Litinin, aka tsaya gyara har Talata kafin a tura, Laraba ta koma Alhamis ba tare da an taɓa kalmar ba. Duk saƙon da ya kwana kafin a tura shi, a sake duba irin waɗannan kalmomi.

Ta biyu ita ce ƙananan kalmomin da ke raka rana. "Kafin 15 ga wata" a tsantsar ma'anarsa ya tsaya a 14. "Ranar 15 ko kafin nan" ya haɗa da 15. "Daga 15" kuwa ya mayar da ranar ƙarshe ta zama ranar farawa. Haka nan "kwana 14" da "ranakun aiki 14" ba ɗaya ba ne. Idan an fara ƙirga daga washegarin Litinin 5 ga Mayu, 2025, kwana 14 suna cika ranar Litinin 19 ga wata, ranakun aiki 14 kuwa, idan an cire Asabar da Lahadi, sai Juma'a 23. Mai son saƙonsa ya yi kama da na ofis yakan ƙara "na aiki" don ƙawa, bai san ya ba da kyautar kwana huɗu ba.

Ta uku ta shafi yadda muke lissafin lokaci a ƙasar Hausa. Muna rayuwa da kalanda biyu, ta Musulunci da ta Bature, kuma "ƙarshen wata" a bakin dattijo ba lallai ya zama "ƙarshen wata" na ma'aikacin albashi ba. "Bayan Sallah" yana buƙatar a ce wace, domin tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba akwai wata biyu da kusan kwana goma. A lissafin Musulunci dare yana gaban yininsa, don haka "daren Juma'a" a wurin mutane da yawa shi ne daren da ke biyo bayan yinin Alhamis, alhali wani matashi zai ɗauka daren da ke bayan sallar Juma'a ake nufi. Idan kuma saƙon zai tsallaka iyaka, agogo ma yana shiga ciki: ƙarfe goma a Kano ko Yamai ƙarfe tara ne a Kumasi, ƙarfe sha biyu ne a Makka.

Maganin duk waɗannan guda ne: a rubuta sunan rana, da kwanan wata, da sunan wata a haruffa, da shekara. Rubuta 05/06/2025 yana da haɗari, domin a tsarin da muka saba 5 ga Yuni ne, a tsarin Amurka da wasu wayoyi da kwamfutoci ke bi kuwa 6 ga Mayu ne. Haɗa sunan rana da kwanan wata yana da wani amfani kuma: suna tsaron juna. Idan hannu ya zame aka rubuta "Alhamis 16 ga Mayu", duban kalanda sau ɗaya zai nuna akwai matsala, tunda 16 ga Mayun 2025 Juma'a ce.

Inda kuɗi yake zamewa

Adadi yakan lalace ne idan an sake buga shi da hannu. Ka'ida mafi sauƙi ita ce kada a sake rubuta lamba, a kwafo ta daga asalin saƙon a liƙa. Idan dole sai an rubuta, to kuskuren da ya fi yawa shi ne musayar lambobi biyu da ke maƙwabtaka da juna, da kuma ƙari ko ragin sifiri. A misalinmu akwai tarko na musamman: idan 240,000 ta juye ta zama 420,000, ido ba zai ƙi ta ba, domin 420,000 ita ce daidai jimlar da Hajiya za ta biya bayan rangwame. Lamba ce da mai shago ya saba gani a kansa.

Abin da ke fallasa irin wannan shi ne lissafi. A tara kason a ga ko sun ba da jimla: 240,000 da 200,000 sun ba da 440,000, 440,000 da 300,000 da aka riga aka biya sun ba da 740,000, turmi 40 sau 18,500 ma 740,000 ne. Idan lissafin ya ƙi haɗuwa, akwai dabarar da akawoyi suka daɗe suna amfani da ita: a duba bambancin, idan tara tana raba shi ba saura, to akwai yiwuwar lambobi biyu ne suka yi musayar wuri. Tsakanin 420 da 240 akwai 180, wato tara sau ashirin.

A manyan kuɗaɗe, a rubuta adadin sau biyu, da lambobi da kuma kalmomi, kamar yadda ake yi a cakin banki. A dokar takardun kuɗi da Najeriya ta gada daga Ingila, idan lambobi da kalmomi suka saɓa a kan caki, abin da aka rubuta da kalmomi shi ne abin biya. Darasin a nan shi ne, kalmomin ba ado ba ne, don haka su ma sai an duba su da kyau.

Masu ciniki tsakanin Najeriya da Nijar suna da ƙarin abin lura. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram ana ƙirga sefa da dala, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Wanda ya ce "ɗari" yana nufin sefa 500, "jaka" kuma sefa 1,000. Idan asalin saƙo ya ce sefa 50,000, mai gyara ya mayar da shi "dubu hamsin" don ya yi kama da hira, ya buɗe ƙofa uku: Naira ce, sefa ce, ko dala ce? In dala aka fahimta, kuɗin ya ninka sau biyar. Sunan kuɗi ba ya rabuwa da adadinsa, haka ma ma'auni: turmi ko yadi, buhu ko kwano, kowane ɗaya ko duka a haɗe.

A kuma yi hattara da kalmomin da ke zagaye adadi. "Aƙalla", "bai wuce", "kimanin", "har da", "ban da": kowace tana da nauyin lamba. "Naira 440,000 ban da kuɗin mota" da "Naira 440,000 har da kuɗin mota" kalma ɗaya ce ta raba su, kuma a kan irin wannan kalmar ake kwana ana jayayya.

Inda alƙawari yake zamewa

Nan ne aikin ya fi wuya, domin babu lambar da za a ɗora wa yatsa. Alƙawari yana da matakai: "zan biya", "zan yi ƙoƙarin biya", "ina sa ran biya", "za a duba". Sassauta harshe yakan gangaro da magana daga sama zuwa ƙasa. Ƙarfafa harshe kuma yakan haura da ita, kuma wannan ma ɓarna ce. Idan Hajiya ta ce wa ɗanta, "Ka gaya masa zan yi ƙoƙari in turo wani abu ranar Alhamis," shi kuma don ya nuna da gaske suke ya rubuta, "Za mu biya ranar Alhamis ba fashi," ya ɗora wa mahaifiyarsa kayan da ba ta ce za ta ɗauka ba. Alƙawari kaya ne, kuma mai shi kaɗai ya san nauyin da wuyansa zai iya.

Tarihi ya nuna inda irin wannan tazara take kaiwa. A yarjejeniyar Wucale da Sarki Menelik na Biyu na Habasha ya ƙulla da Italiya a 1889, sashe na 17 a rubutun Amharanci ya ba sarkin zaɓi: yana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da sauran ƙasashe. Rubutun Italiyanci kuwa ya mayar da abin wajibi, har Italiya ta dogara da shi ta yi iƙirarin cewa Habasha tana ƙarƙashin kariyarta. Menelik ya yi watsi da yarjejeniyar, rikicin ya kai ga yaƙin Adwa a 1896, inda Habasha ta yi nasara. A can tsakanin harsuna biyu abin ya faru, amma tazarar ita ce dai wadda ke tsakanin "in da hali" da "ki biya".

Abu na gaba shi ne ɓatan mai aikatawa. Hausa tana da hanyar ladabi ta sakaya suna: "za a biya", "a taimaka", "za a daidaita". Tana da daɗi, amma tana shafe amsar tambayar farko, wato wane ne zai yi. "Ke za ki biya direba" ya faɗi mai biya. "Za mu daidaita" ya jawo dila cikin biyan. A duk inda asalin saƙo ya ambaci mutum, sabon ma ya ambace shi.

Sharaɗi kuwa yana rayuwa ne a cikin "idan", "muddin", "sai dai", "matuƙar". Waɗannan su ne kalmomin farko da mai sassautawa yake jin sun yi kaushi, sai ya cire. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙirga su: "idan" nawa ne a tsohon saƙo, nawa ne a sabo? A misalinmu biyu ne a na farko, kuma babu ɗayansu da ya tsira. A ƙirga kalmomin korewa ma, irin su "ba" da "kada", domin faɗuwar guda ɗaya tana juya magana gaba ɗaya.

Ban haƙuri ma yana iya zama alƙawari. Idan abokin ciniki ya yi ƙorafin cewa kaya sun iso da tabo, "mun ji ba daɗi da abin da ya faru" jaje ne. "Laifinmu ne, za mu gyara" kuwa amsa alhaki ne, kuma mai karɓa yana da hujjar jiran a musanya masa kaya. Game da "in sha Allahu", babu abin da yake ragewa daga niyyar mai gaskiya, kuma wurinsa yana nan a saƙo. Abin kiyayewa kawai shi ne ya raka ranar, kada ya maye gurbinta.

Saƙon da ya haɗa ladabi da daidaito

Ga yadda saƙon dilan zai iya fita bayan an bi jerin:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da war haka. Ya kasuwa, ya iyali? Allah ya ƙara buɗi. Na san yanayin kasuwa sai haƙuri, shi ya sa na ga ya dace in raba miki ragowar kuɗin nan, Naira 440,000, gida biyu. Ina roƙon ki turo Naira 240,000 ranar Alhamis 15 ga Mayu, 2025 ko kafin nan, sannan Naira 200,000 ranar Litinin 30 ga Yuni, 2025 ko kafin nan. Idan duka biyun sun shigo a kan lokaci, zan yafe Naira 20,000 daga biyan ƙarshe, ya zama Naira 180,000. Ki yi min uzuri, idan 15 ga Mayu ta wuce biyan farko bai shigo ba, ba zan sake tura kaya ba. Kuɗin mota na kayan baya kuma yana wajenki, sai ki sallami direba. Na gode da daɗewar hulɗarmu, Allah ya bar zumunci."

"Na gaji da jira" ya tafi, gaisuwa da uzuri da godiya sun shigo, abubuwa shida kuma suna nan kowane a mazauninsa. A lura da inda taushin ya zauna: a farko, a ƙarshe, da gaban jimla mai nauyi. Bai shiga cikin lamba ko rana ba. Zagaye na biyu zai tsaya a kan Naira 180,000, tunda babu ita a jerin, amma lissafi ya tabbatar da ita: 200,000 a cire 20,000.

Gwaji na ƙarshe shi ne a ba wani wanda bai ga asalin saƙon ba ya karanta sabon, sannan a tambaye shi: nawa za a biya, yaushe, wa zai biya direba, me zai faru idan an makara? Idan amsoshinsa sun yi daidai da jerin, saƙo ya tsaya. Idan ya ce "ina jin kamar...", to a koma wurin. Idan saƙon murya za a tura, a riƙe jerin a hannu ana magana, sannan a bi shi da gajeren rubutu mai ɗauke da ranaku da adadi, domin baki ya fi alƙalami saurin zagaye lamba.

Iyakar wannan hanya

Wannan dubawa tana tabbatar da cewa sabon saƙo ya yi daidai da tsohon, amma ba ta tabbatar da cewa tsohon daidai yake ba. Mai fushi yana iya kuskuren lissafi tun farko. Don haka a gwada jerin da littafin bashi, da rasit, da sanarwar shigar kuɗi ta banki, kafin a dogara da shi.

Wani lokaci kuma mai gyara yakan ga cewa sharaɗin kansa ne ya yi tsauri. Yana iya yin gaskiya, amma wannan shawara ce da zai kai wa mai saƙo baki da baki: "Baba, ko za a ƙara mata mako guda?" Idan ya amince, a gyara jerin tukuna, sannan a gyara saƙon. An ba shi aron harshe ne, ba a ba shi ikon yafe bashi ba. Ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, ta yi umarni da a rubuta bashi zuwa ajali ambatacce, ta kuma ɗora wa marubuci ya rubuta da adalci. Yaron da ke gyara saƙo a waya yana zaune ne a kujerar wannan marubucin.

Idan an riga an tura kafin a gano kuskure, alamar farko takan zo a cikin amsa: godiya a kan rangwamen da ba a bayar ba, ko "to, sai bayan Sallar" alhali rana aka yanke. Kada a yi shiru da fatan abin zai daidaita da kansa. WhatsApp yana ba da damar gyara saƙo cikin minti 15 da tura shi, amma gyaran shiru ba ya isa idan an riga an karanta. A tura sabon saƙo a fili, a ambaci abin da aka rubuta bisa kuskure, a faɗi daidai, a nemi ɗaya ɓangaren ya amsa cewa ya gani. A Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe hanyar karɓar bayanan na'ura a kotu idan an cika sharuɗɗansa, don haka saƙon waya yana iya zama hujja a kan wanda ya tura shi. A ajiye asalin rubutun, da jerin, da abin da aka tura.

Duk wannan aikin bai fi 'yan mintoci ba a saƙo irin na dilan nan. Wanda aka tura wa saƙo zai tsara kuɗinsa da tafiyarsa da alƙawuran da zai yi wa wasu bisa abin da ya karanta. Idan an ba shi daɗin baki aka ɓoye masa ranar gaskiya, ranar za ta zo ta same shi bai shirya ba, kuma zafin da aka guje wa a watan Mayu zai dawo ninki biyu a watan Yuli. Mutunta shi na haƙiƙa shi ne a gaishe shi da kyau, sannan a faɗa masa nawa ne, yaushe ne, kuma a kan wa yake.